Tafasa ce ko rai ɗore? Abin da hoton ganye guda ba zai faɗa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani tsiro ne ya fito mana da yawa a bayan gida, nan Unguwar Rogo a Jos. Na tsinko ganye guda na ɗora a tafin hannu na ɗauki hotonsa, na tura wa mutum uku. Yayata ta ce tafasa ce, maƙwabciyata ta ce rai ɗore ne, ƙanena kuma ya ce gyaɗa ce ta tsiro da kanta. Ga hoton nan na haɗo. Ni dai kwaɗo nake son yi, don Allah a faɗa mini sunansa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina kallon hoton nan, kuma ba zan iya ba ki sunan da za ki ɗora tukunya a kansa ba. Ki dakata da kwaɗon tukuna. Amma tun da tsiron yana bayan gidanki, aikin minti goma ne ki kawo abin da zai raba gardamar.

Matsala ta farko ita ce, abin da ke tafin hannunki da alama ba cikakken ganye ba ne, yanki ne na ganye. A wasu tsirrai, kamar mangwaro da gwaiba, ganye falle ɗaya ne. A wasu kuwa, ganye guda ya rabu ne zuwa 'yan ganyayyaki da ke jere a kan tsinke ɗaya. Zogale haka yake, dalbejiya haka, tsamiya haka, kuma duk tsirrai ukun da aka ambata miki haka suke. Wanda ya tsinko falle ɗaya daga cikinsu ya bar amsar a jikin tsiron, domin abin da muke fara dubawa shi ne falle nawa ne a kan tsinken, kuma yaya suka jeru.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane inda ganye ya fara. Ki bi tsinken da yatsa har inda ya manne da kara. A wannan lungun, tsakanin tsinke da kara, za ki ga ɗan ido, wanda daga gare shi sabon reshe ko fure ke fitowa. Duk abin da ke gaban wannan idon ganye guda ne, ko da falle ashirin ne a kansa. A gindin ƙananan fallayen ba a samun ido. Saboda haka hoton da ya fi kowane amfani shi ne na reshe mai tsawon kamar taƙi guda, da ganye uku ko huɗu a jikinsa, ba a tsinke komai ba. Wannan hoton zai kuma nuna ko ganyayen suna fuskantar juna biyu-biyu ne a kan karan, kamar na gwaiba da tumfafiya, ko kuwa ɗaya nan ɗaya can ne, kamar na tsamiya. Wannan kaɗai yakan fitar da dangogin tsirrai masu yawa daga lissafi.

To mu ɗauki naki mu bi shi daki-daki.

Ki fara da ƙirga. Ganyen gyaɗa falle huɗu ne, biyu a dama biyu a hagu. Na tafasa shida ne, uku-uku. Na rai ɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga, yawanci takwas ne ko goma, wani lokaci har sha biyu. Kin ga da ƙirga kawai maganar ƙanenki ta tabbata ko ta faɗi. Ban ga laifinsa ba, don falle guda na gyaɗa da falle guda na tafasa suna kama ƙwarai: dukansu sirara ne ta gindi, masu faɗi ta sama, da baki a dunƙule.

Sai siffar bakin. Fallen tafasa bakinsa zagayayye ne kamar cokali, na rai ɗore kuma mai tsini ne kamar kan mashi, ya kuma fi tsawo. A hotonki bakin ya fi kusa da zagaye, wannan ya sa zuciyata ta karkata ga maganar yayarki. Sai dai babban yatsanki ya rufe gindin, hasken rana ya wanke jijiyoyin, kuma ganyen ya fara yaushi ya naɗe ta gefe. Ganyen da ya yi yaushi yakan yi ƙaryar siffa.

Alama ta uku ƙarama ce, mutane da yawa sun shekara suna tsinkar tafasa ba su taɓa lura da ita ba, amma ita na fi amincewa da ita. A kan tsinken ganyen akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi kan allura girma sosai ba. A tafasa yana zaune ne a tsakanin fallaye biyu na farko, siriri a tsaye kamar guntun tsinke. A rai ɗore kuwa yana can ƙasa, a gindin tsinken daf da kara, a dunƙule, mai duhun launi. Ki matso da waya kusa, ki taɓa daidai wurin a fuskar wayar don ya fito sarai, ki ɗauka. In hannu na rawa, ki jingina gwiwar hannu a kan gwiwarki.

Sannan 'ya'ya. Furen ba zai raba miki su da sauƙi ba, domin duka biyun ruwan ɗorawa ne mai fallaye biyar, kasancewar su 'yan gida ɗaya. Ƙwanson ne ke tona asiri. Na tafasa dogo ne siriri, yakan kai santimita 15 ko fiye, a lanƙwashe kamar lauje, kaurinsa bai kai na fensir ba. Na rai ɗore ya fi gajarta, a baje yake, mai faɗi, yana da layi mai haske a gefe biyu, ana kuma ganin tudun kowace ƙwaya ta waje. Wajen ƙarshen damina za ki same su cike da ƙwanso. In yanzu tsiron bai kai ba, ki duba ƙasa ko jikin katanga, sau da yawa busassun karan bara suna nan da ƙwansonsu. Gyaɗa kuma ba ta buƙatar dogon bayani, ki tuge guda ki duba ƙarƙashinta.

Dalilin da ya sa nake matsa miki a kan wannan shi ne, tafasa abinci ce, rai ɗore kuwa an fi saninsa a wajen magani, kuma ɗanyen 'ya'yansa suna da guba, suna illata dabbobin da suka ci su da yawa, haka ma yara. Wuri ɗaya suke son fitowa, bakin bola da gefen hanya da inda aka ɗaure dabbobi, har ma sukan cakuɗa a fili guda. Yana yiwuwa yayarki da maƙwabciyarki duk suna da gaskiya, kowacce da wanda ta gani. Don haka kada ki duba tsiro ɗaya ki yanke wa sauran hukunci.

Ko da cikakken ganye kika turo, akwai wata matsalar da ta wuce tafasa. Tsiro guda yakan yi ganye iri biyu. Ki dubi rama: ganyenta na ƙasa falle ɗaya ne mai faɗi, na sama kuwa a tsage yake kamar yatsun hannu, har wanda bai sani ba yakan ɗauka tabar wiwi ce. Ƙaramar kuka da ta tsiro bana ganyenta falle ɗaya ne, sai ta girma take fitar da mai yatsu biyar ko bakwai da muka saba gani, wanda shi kuma yake kama da na rimi. Ganyen inuwa yakan fi na rana faɗi da laushi. Tohon da ya fito bayan an sare itace yakan yi ganye manya fiye da ƙima. Ga tsirran da ba su haɗa dangi ba amma fari da rana sun sa ganyensu ya zo iri ɗaya. Shi ya sa masana tsirrai, tun zamanin Linnaeus da ya kafa tsarin bai wa kowane tsiro sunan kimiyya mai kalma biyu a 1753, suka fi dogara ga fure da 'ya'ya, domin su ba sa sauyawa da ruwa ko taki kamar yadda ganye ke yi.

Mu a Jos muna da ƙarin wahala. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, sanyinsa ya sa an shigo da itatuwa da furanni masu yawa daga wasu ƙasashe, irin su turaren da aka shuka a tsofaffin filayen haƙar kuza. Abin da ya tsiro a bayan gida a nan ba lallai ne ya zama wanda iyayenmu suka sani a Kano ko Zariya ba. Wannan ya sa hoton tsiron gaba ɗaya, daga nesa kaɗan, yake da amfani. A ga tsayinsa, a ga ko a tsaye yake ko yaɗo yake yi, a ga ko a fadama yake ko a kan dutse ko a bola. In itace ne babba, a ƙara da hoton ɓawonsa da ƙaya in yana da ita.

Wajen ɗaukar hoton, da safe ya fi, don tafasa da gyaɗa duka sukan rufe ganyensu in yamma ta yi. Ki tsaya a inuwa mai haske, ki sa farar takarda ko kwali a bayan reshen, ki ajiye biro a gefe don a san girma. Ki juya ganyen ki ɗauki bayansa, nan ne jijiyoyi da gashi suka fi fitowa.

Akwai abin da waya ba ta ɗauka, sai ki rubuto shi. Ki murje falle guda ki shinshina, rai ɗore yana da wari mai ƙarfi marar daɗi, ko da yake ita ma tafasa ɗanya tana da nata gafin, don haka wari shaida ne na ƙari kawai. Ki karya ɗan reshe ki ga ko farin ruwa kamar madara zai fito. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da ke fitar da shi, saboda haka in kin gan shi, wani tsiro ne dabam, ki wanke hannu kada ya taɓa miki ido. Kada ki ɗanɗana don gwaji.

In kina son gwada naki da hotunan da aka tantance, sunan da za ki rubuta na tafasa shi ne Senna obtusifolia, na rai ɗore kuma Senna occidentalis. In kuma alamomin sun ƙi zama a kan ko ɗaya, misali falle shida ne amma ƙwanson a baje, ki yanko reshe mai ganye da fure ko ƙwanso, ki shimfiɗa shi a tsakanin jarida ki danne da littafi mai nauyi don kada ya naɗe. Ki nuna wa tsofaffin mata masu sayar da ganye a kasuwa, idonsu ya ƙware a kan tafasa fiye da na mafi yawan mutane, ko ki kai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos a duba miki. Ni dai abin da nake jira daga gare ki shi ne hoton reshen, da na ɗan ƙullutun nan, da na ƙwanso in akwai.