Ɗakin kwamfuta 20: kebul za mu ja ko waifai ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar Islamiyya a Aboabo, Kumasi. An ba mu kyautar kwamfutocin tebur 20, kwamiti kuma ya ware sidi 30,000 don a haɗa su da intanet. An ce in rubuto tsari da jerin kaya da kasafi. Wasu na cewa mu sa waifai kawai mu huta da kebul. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ja wa kowace kwamfuta kebul ɗinta, waifai kuma ka bar wa malamai masu waya da laftof. Kwamfutar tebur ba ta motsi, galibi ma ba ta zuwa da waifai, sai an saya mata ɗan abin da ake soka mata, wanda yaro zai zare ya sa aljihu. Kuma waifai kamar famfon unguwa ne, kowa sai ya bi layi. Yara 20 su buɗe bidiyo lokaci guda, aji ya tsaya.

Fara da ƙirga ramukan soka kebul. Kwamfuta 20, ta malami, firinta da na'urar watsa waifai, 23 ke nan. Ƙara kebul ɗin da zai tafi rauta, wato na'urar da ke shigo da intanet, 24. Suwic, wato akwatin da kebul ɗin duka ke haɗuwa a cikinsa, in mai rami 24 ne ya cika maƙil tun ranar farko, in rami ɗaya ya mutu babu inda za ka koma. Dabara ita ce ka ajiye rauta kusa da suwic, ka soka firinta da na'urar waifai a ramukan bayanta, yawanci huɗu ne. Ka sami rarar biyu ba tare da ka sayi mai 48 ba. Suwic ɗin ya zama mai gudun gigabit, wato 1,000 Mbps.

Sai kebul, inda aka fi cutar mutane. Kwalin kebul nau'in Cat6 mita 305 ne. A ɗaki mai mita 9 da 7, kebul ba ya ratsa tsakiya, bango yake bi cikin kwaroron roba. Ka lissafa mita 12 ga kowane wuri, da ƙarin 2 na yanka da gyara: 14 sau 23, mita 322. Kwali ɗaya bai isa ba, rubuta biyu. In za ka kai layi ofishin shugaban makaranta, kada ya wuce mita 100.

Idan ka shiga Adum sayayya, tafi da reza. Akwai kebul mai araha da ake rubuta wa CCA, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Kankare silin waya ɗaya. In fari ya bayyana, mayar wa mai shago abinsa. Yana saurin karyewa, kuma bai dace da PoE ba, wato tura wuta ta cikin kebul zuwa na'urar waifai da ke manne a rufin ɗaki. Na taɓa duba wani ɗaki da aka yi da irinsa, kwamfuta shida suna nuna 100 Mbps maimakon 1.0 Gbps. Gigabit na buƙatar silayen takwas duka, ɗaya ya katse sai gudu ya faɗo ko layin ya mutu. Don haka ka rubuta a tsarin cewa ba za a biya mai aiki cikon kuɗinsa ba sai an gwada kowane rami a gabanka, an kuma sa masa lamba.

Sauran kayan: rauta ɗaya, na'urar waifai ɗaya da abin ba ta wuta, allon haɗa kebul mai rami 24, soket ɗin bango 23, gajerun kebul 50, akwatin bango mai makulli, da UPS, wato batirin riƙe wuta, mai 1000 VA. UPS ɗin na akwatin ne kaɗai, don dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta, kada ya riƙa kashe suwic da rauta. Ba zai ɗauki kwamfutocin ba. Su kuwa, in ka ba kowace wat 150, wat 3,000 ke nan, ba kayan soket ɗaya da jone-jone ba ne. A kira mai aikin lantarki mai lasisi ya raba layi, ya duba wayar ƙasa.

Wajen kasafi, cire sidi 3,000 tun farko, kashi 10 cikin 100, don farashin kayan nan dala yake bi. Ragowar 27,000 ka raba gida huɗu: kaya, aikin lantarki, ladan mai jan kebul, da kuɗin intanet na wata 12. Na ƙarshen shi ake mantawa, sai zango na biyu ɗaki ya yi tsit. Kafin ka zaɓi MTN ko Telecel, gwada layin kowannensu a cikin ɗakin da tsakar rana, ka tambaya ko faiba ta iso layinku. Farashi kuma ka karɓo a rubuce daga shago uku, da kwanan wata, ka liƙa a bayan tsarin. In kuɗin sun gaza, na'urar waifai za a fara ɗagawa zuwa baɗi, ba kwali na biyu ba.