Taya ƙanwata aikin gida: koyarwa ce ko satar amsa?

“An ba ƙanwata lissafi ta yi a gida, kuma za a sa maki. In na zauna na nuna mata, na yi laifi?”

’Yar’uwa, ba ki yi laifi ba, in dai ba ainihin tambayar da aka ba ta kika warware ba. A ce an ba ta 3x + 5 = 20. Ki ajiye wannan, ki ƙirƙiro mai kama da ita, kamar 2x + 4 = 14. Ki cire 4 daga kowane gefe, saura 2x = 10, ki raba da 2, x ya zama 5. A kowane mataki ki tsaya ki tambaye ta dalili. Daga nan ki miƙa mata biro ta yi nata, ke kuma ki kama hannunki.

In ta rubuta 3x = 25, kin ga inda ta kauce, ta ƙara 5 maimakon ta cire. Ki ce ta mayar da amsarta cikin tambayar ta gani ko za ta ba da 20.

Abin da ke damuna da ba da amsa shi ne malaminta zai ga aiki tsaf, ya ɗauka ta gane, ya wuce gaba, wannan kuskuren kuma yana nan har ranar jarrabawa.