Karatun azumi na kwana talatin: amsar Kawu

"Kawu, bana ina so in riƙa tura gajeren karatu na murya a zauren WhatsApp na dangi kullum har sallah. A al'ada dole ne in bi izu biyu kowace rana, ko zan iya zaɓen darasina?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Izu biyu a rana lissafin tilawa ne, don izu sittin su ƙare da wata. Masu tafsiri ba sa wannan gudun. Inda malam ya tsaya bara, nan yake ɗauka bana, sauka kan ci shekaru. Don haka zaɓi darasinka, amma ka bar wata ya tsara maka su.

Abin da nake nufi, kowane darasi ya iso kafin a buƙace shi. Niyya tun daren farko ake ɗaura ta, a mazhabar Malikiyya ɗaya ta wadatar wa wata duka, to wannan karatun ya fita ranar 29 ga Sha'aban, kafin sanarwar Sarkin Musulmi. Goman marmari ka ba hukunce-hukunce: sahur, abin da ke karya azumi, mara lafiya, matafiyi, mai ciki da mai shayarwa. Goman wuya jiki ya yi laushi, sai ka kawo tarihi, Badar ta faɗo ranar 17. Inda masu irin wannan shiri suka fi tuntuɓe shi ne goman ƙarshe. A wurinmu dare ke gaba da yini, daren 21 yana shiga ne da faɗuwar ranar 20. Wanda ya ajiye bayanin i'itikafi da Lailatul Ƙadari sai ranar 21 ya makara. Naka ya fita ranar 19. Zakkar fidda kai kuwa ranar 27, ka faɗi mudun nabi huɗu a kan kowane mutum, tunda ana iya fitarwa kwana ɗaya ko biyu kafin idi.

Kada ka jingina komai mai nauyi a kan rana ta talatin, wata na iya tsayawa a 29. Ladubban idi su zo ranar 28, na talatin ya zama addu'a, wadda in ba a kai ba babu asara.

Siffar karatun ka aro ta daga zauren tafsiri: mai jan baki ya karanto aya, malam ya yi bayani, a rufe da addu'a. Minti biyar ya isa, kuma kada ka sauya tsarin a tsakiya. Nemi ƙaninka ya ja maka baki, murya biyu ta fi riƙe kunne.

Naɗi goman farko tun a Sha'aban, makogwaron mai azumi ba abin dogaro ba ne. Kada ka ambaci Litinin ko Talata a ciki, ce "rana ta uku" kawai. Turawa kuma bayan azahar kullum. Da la'asar iyayenka mata suna madafa, da magariba ana shan ruwa, daga nan sai asham.

Wanda ya shafi hukunci, kai wa malaminka ya saurara kafin ka tura.