Dayamon ya ce rigakafin na aiki, I² kuma ya kai 92%: wanne zan ɗauka?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni likita ce mai neman ƙwarewa a Shika. An ba ni meta-analisis na allurar BCG mai gwaje-gwaje 13 in gabatar. Dayamon ɗin da ke ƙasan zanen forest plot, mai nuna haɗaɗɗen sakamako, ya nuna RR 0.49, bai taɓa layin 1 ba, amma I² ya kai 92%. In ce allurar na rage tarin fuka da rabi, ko in yi watsi da sakamakon?

Amsa: Likita, kada ki yi ko ɗaya daga cikin biyun. Ki rufe dayamon ɗin da hannu tukuna, ki bi layukan da ke samansa ɗaya bayan ɗaya.

Kowane layi gwaji ɗaya ne. Akwatin da ke tsakiyarsa shi ne sakamakon gwajin, girman akwatin kuma nauyin da aka ba shi a lissafi. Tsawon layin shi ne 95% CI, kuma gajeren layi na nufin gwajin ya tara masu cutar da yawa, don haka ƙiyasinsa ya fi tsayawa. Duba guda biyu daga cikin manya. Gwajin Birtaniya ya ba da RR 0.24, daga 0.18 zuwa 0.31. Na Madras a Indiya ya ba da 1.01, daga 0.89 zuwa 1.14. Dukansu gajerun layuka ne, amma ko kusa da juna ba su zo ba. Ɗaya ya ce allurar ta rage cutar da kashi uku cikin huɗu, ɗayan ya ce ba ta yi komai ba. Dace kaɗai ba ya kawo irin wannan tazara, kuma kin gan ta da idonki tun kafin ki karanta wata lamba.

Abin da I² ke ƙoƙarin faɗa ke nan. A nan Q, ma'aunin warwatsuwar sakamakon gwaje-gwajen, ya kai kusan 152, df kuma 12, wato yawan gwaje-gwaje a cire ɗaya:

```
I² = (Q − df) / Q = (152 − 12) / 152 ≈ 92%
```

Ma'anarsa, kusan duk warwatsuwar da ke cikin zanen bambanci ne na gaskiya tsakanin gwaje-gwajen. Amma bai gaya miki girman bambancin ba. Idan gwaje-gwajen manya ne ƙwarai, I² na iya haura 90% alhali sakamakonsu duka na tsakanin 0.5 da 0.6, wanda ba zai sauya komai a asibiti ba. Shi ya sa ba na son yadda ɗalibai ke haddace matakan I² na 25, 50 da 75 su tsaya nan.

Dayamon ɗinki, 0.34 zuwa 0.70, yana magana ne kan matsakaicin tasiri kawai. Tambayar likita daban ce: idan aka yi allurar a wani sabon wuri, me za a samu? Tazarar hasashe ce ke amsa wannan, domin tana haɗawa da Tau², ma'aunin girman bambancin da ke tsakanin gwaje-gwajen. Bayanan suna cikin `metafor` a R:

```
library(metafor)
d <- escalc("RR", ai=tpos, bi=tneg, ci=cpos, di=cneg, data=dat.bcg)
r <- rma(yi, vi, data=d)
predict(r, transf=exp)
```

Ki duba `pi.lb` da `pi.ub`. Za ki ga kusan 0.15 zuwa 1.55. Tazarar ta ƙetare layin 1, ke nan a wani wuri kariyar na iya yin ƙarfi sosai, a wani kuma ba za a ga komai ba.

To, me ya raba su? A waɗannan bayanan, nisan wuri daga ikwaita ya bayyana kaso mai tsoka na bambancin. Gwajin Birtaniya yana wajen digiri 52, na Madras digiri 13. Bayanin da aka fi kawowa shi ne cewa a ƙasashe masu zafi mutane na cuɗanya da dangin ƙwayar tarin fuka da ke cikin ƙasa da ruwa tun kafin a yi musu allurar, sai amfaninta ya ragu ko ya ɓuya. Zariya kuwa tana wajen digiri 11, ta fi kusa da digirin Madras nesa ba kusa ba, kuma lalle wani babban likita zai tayar miki da wannan.

Sai dai ki yi hattara. Ba ƙuri'a aka jefa aka raba gwaje-gwajen zuwa ƙasashe ba, sun kuma bambanta a shekarar da aka yi su da tsarin raba mahalarta, ga shi guda 13 ne kacal. Alaƙa ce aka gani, ba hujjar sanadi ba. Kada kuma kowa ya fita daga ɗakin da tunanin a daina yi wa jarirai BCG, domin kariyarta daga sanƙarau na tarin fuka a ƙananan yara tambaya ce daban, mai nata hujjojin.

Ranar gabatarwa ki ƙara `forest(r, atransf=exp, addpred=TRUE, order=ablat)`, sai gwaje-gwajen su jeru bisa nisansu daga ikwaita, tazarar hasashen kuma ta fito a jikin dayamon.