Kaya ashirin, masu so sun fi hamsin: me zan rubuta a ƙarƙashin hoton?

Tambaya: Malam, ina sayar da fanka mai caji ta WhatsApp a nan Damagaram. Dillalina na Kano ya ce guda 20 kaɗai zai ba ni, cikin mako guda. Ina son karɓar kafin alƙalami, amma bara kaya sun yi latti har aka kira ni macuciya. Yaya zan tsara rubutun?

Amsa: Hajiya, mako gudan nan alƙawarin dillali ne, kada ki mai da shi naki. Tafiyar Kano zuwa Damagaram ba ta wuce wuni guda ba, amma kaya ba fasinja ba ne: sai an haɗa su, sai mota ta cika, ga kuma duwan a kan iyaka. Ki duba tsofaffin hirarrakinku, ki ga odar da ta fi daɗewa kwana nawa ta yi. In kwana 14 ne, shi ne ma'auninki. Ga misali da farashin da na ƙaddara, sai ki sa naki:

"Fanka mai caji, sai an yi oda, ba ta iso ba tukuna. Gurbi 18 ne. Farashi 15.000 F (jika 15). Kafin alƙalami 5.000 F, cikon 10.000 F ranar karɓa. Ana rufe oda 5 ga Maris ko da zarar gurbi ya cika. Kaya za su iso tsakanin 13 da 20 ga Maris. In ba su iso ba har 27 ga Maris, zan mayar da kuɗinka cif cikin kwana 3. Wanda ya fasa kafin a rufe oda zai karɓi kuɗinsa duka. Wanda ya fasa bayan nan sai an sayar da tasa. Wanda bai karɓa ba kwana 5 bayan na sanar, gurbinsa ya koma ga na baya. Kuɗin aike a kan mai aikowa yake."

Na sa 18 da gangan. A kwali ashirin ba a rasa mai fasasshen murfi ko batirin da ya ƙi ɗaukar caji, kuma gara ki kira mutum biyu daga layin jira ki yi musu albishir, da ki kira biyu da suka biya ki ba su haƙuri. Masu jira kuwa kada ki karɓi ko dala a hannunsu, suna da lamba sun isa.

Rubuta kuɗin da alƙaluma ma yana da dalili. A Kasuwar Dole in kika ce "dubu uku", mai lissafin dala ya ji jika 15, wani kuma ya ji 3.000 F. Kuma tunda da naira za ki saya, ki bar ɗan sarari a farashin tun farko, don canji ya tashi ba hujja ba ce ta ƙara wa wanda ya riga ya biya.

Inda masu sayarwa suka fi faɗawa rami shi ne Status. Bayan awa 24 ya ɓace, sharuɗɗan sun tafi da shi, ranar rigima kowa ya faɗi abin da ya tuna. Dogon rubutu a ƙarƙashin hoto kuma ana yanke shi sai an danna a ga sauran, shi ya sa "ba ta iso ba tukuna" da farashi suka zo a farko. Ki sauke WhatsApp Business, ki ajiye rubutun a Quick replies (Réponses rapides in wayar da Faransanci take). Duk wanda ya yi magana, ki danna / a wurin rubutu, ki zaɓi saƙon, ki tura masa, ki ce ya rubuto "na amince" kafin ya aika kuɗi. A rubuce nake nufi. Saƙon murya na minti uku wahalar nema gare shi.

Ya aiko ta NITA ko Amana ko Airtel Money, kada ki dogara da hoton rasit, ana gyara shi a waya cikin minti kaɗan. Sai kin ga kuɗin a asusunki ko kin cire su, sannan ki ba shi lamba: "An karɓi 5.000 F, kai ne na 7, saura 10.000 F." Ki kwafe wannan a littafi ma, waya tana faɗawa ruwa.

In dillali ya ce an samu tsaiko, ki sanar a ranar, kowa a hirarsa. Saƙon Broadcast ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarki ba, kuma mutum 18 ba su fi ƙarfin yatsa ba. Ki faɗi sabuwar rana, ki tuna musu cewa 27 ga Maris tana nan daram ga mai son kuɗinsa.