Me ya sa motar lantarki mai zobba take da ƙarfin tashi?

Tambaya: "Injin niƙanmu motarsa tana da zobba 3 da burushi. Me ya sa take tashi da kaya ba wahala?"

Malam, waya aka naɗa a rotarta, wato ɓangaren da ke juyawa, bakin wayoyin suka fito kan zobban, burushi ya haɗa su da resista na waje. Lokacin tashi, wutar rota ba ta tafiya daidai da maganaɗisu, sai a ja wuta da yawa, ƙarfin juyi kaɗan. Resista na daidaita su: wuta ta ragu, ƙarfi ya ƙaru, ya kai ƙololuwa idan R₂ = X₂, wato idan turjiyar rota haɗe da ta resista ta yi daidai da turjiyar da maganaɗisun naɗin rota ke yi wa wuta lokacin da take tsaye. In R₂ ya wuce haka, ƙarfin raguwa yake.

Tana ɗaukar gudu, a riƙa rage resistan mataki-mataki har a haɗe zobban. Na taɓa ganin resistan da aka manta a ciki, ya yi jajir, motar tana jan ƙafa. In ka ga tartsatsi a burushi, kashe ta ka kira mai gyara.