Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sa Windows: me ya lalace, me ya tsira?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a Kabuga. Jiya da yamma ina sake sa Windows 10 a destof ɗina daga filash, ta gama kwafe fayiloli ta kashe kanta ta sake tashi, tana kan "Getting ready" sai aka ɗauke wuta. Yanzu duk kunnawa sai ta rubuta "The computer restarted unexpectedly or encountered an unexpected error", in na danna OK ta zagayo ta dawo nan. Akwai aikin ɗalibai da yawa a ciki da ban kwafe ba. Kwamfutar ta ƙone ne? Wani ya ce in yi mata fomat kawai.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sauwaƙe. Kwamfutarka ba ta ƙone ba. Injin da ya ƙone ba ya tashi har ya rubuta maka saƙo a fuska. Amma don Allah wanda ya ce ka yi fomat, ka ce masa ya dakata tukuna. Na daɗe ina gyaran kwamfuta a wajen Beirut Road, kuma a irin wannan matsala abin da na fi gani yana cinye aikin mutane shi ne hannun da ya zo gyara cikin gaggawa. Ɗaukewar wutar ita kanta ba kasafai take taɓa fayilolin mutum ba.

Bari in faɗa maka abin da ya faru a ciki. Sa Windows kashi biyu ne. A kashin farko, daga filash ake zuba fayiloli a kan had dis. Bayan ta kashe kanta ta tashi, sai kashi na biyu: daga had dis ɗin take tashi yanzu, tana gano kayan da ke jikin injin, tana sa musu direba, tana rubuta saituna. A nan wuta ta yanke maka. Windows tana ajiye alama a kan kowane mataki da ta kammala. Da ta tashi ta tarar an fara mataki ba a rufe shi ba, sai ta ƙi ci gaba, domin ba ta san abin da aka rubuta da abin da aka bari rabi ba. Wannan saƙon da kake gani ma'anarsa ke nan. Ginin da aka tsaya a linta ne, fili da tubali duk suna nan.

Shi kansa had dis ɗin, mai faifai idan wuta ta yanke yana janye allurarsa gefe da kansa, an ƙera shi da haka. NTFS kuma, wato tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi a kan dis, yana riƙe da ɗan littafin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi shi, don haka bayan yankewar wuta yakan iya daidaita jerin folda da sunayen fayiloli. Abin da ba ya iya ceta shi ne cikin fayil ɗin da ake tsakar rubutawa a daidai wannan daƙiƙa. A wajenka, fayilolin Windows ne ake rubutawa, ba takardun ɗalibai ba.

To, ina takardun? Ya danganta da abin da ka danna a shafin da ke cewa "Where do you want to install Windows?". In ka zaɓi ɓangaren da tsohuwar Windows take, ka danna Next kawai, to an tattara tsohon kayanka an zuba a wata folda mai suna `Windows.old`, suna nan lafiya. In kuwa ka danna Format ko Delete, to ba wuta ce ta ɗauke su ba, tun kafin nan suka tafi, kuma maganar ta canza. Ka yi ƙoƙarin tunawa, amma ba sai ka dogara da tunani ba, za mu leƙa mu gani.

Ka nemi filash na biyu ko had dis na waje mai fili. Ka jona shi tare da filash ɗin Windows, ka tashi injin daga filash ɗin Windows ɗin. Da shafin zaɓen harshe ya fito, kar ka danna komai, ka riƙe Shift ka danna F10. Baƙin allo zai buɗe. Ka rubuta:

```
diskpart
list volume
exit
```

Za ka ga jerin ɓangarori da haruffansu da girmansu. Ka lura sosai a nan, domin wurin da mutane ke ruɗewa ke nan: abin da ka saba gani a matsayin C yana iya fitowa da D ko E a wannan allo. Da girma za ka gane shi. Mu ɗauka had dis ɗinka ya fito da D, na wajen kuma F. Sai ka rubuta `dir D:\`. In ka ga `Windows.old`, ka yi hamdala, sannan:

```
robocopy D:\Windows.old\Users F:\ceto /E /XJ /R:1 /W:1
```

Wannan zai kwashe duk abin da ke kan Desktop da Documents da Downloads na tsohuwar Windows zuwa folda mai suna `ceto`. Wancan `/R:1` ɗin yana da amfani: fayil in ya ƙi kwafuwa, sau ɗaya zai sake gwadawa ya wuce, maimakon ya maƙale a kansa har gari ya waye. In kana ajiye aiki a wata folda dabam a kan C, kamar yadda masu shago da yawa suke yi, za ka gan ta a jerin da `dir` ya nuna, ita ma ka kwashe ta haka. In rubuta umarni yana ba ka tsoro, rubuta `notepad` kawai, ka shiga File sannan Open, ka mayar da nau'in fayil zuwa All Files, ka riƙa kwafa kana liƙawa ta wannan 'yar taga. Ba ta nuna maka ci gaban kwafin, za ka ga kamar ta sandare. Haƙuri za ka yi, tana aiki.

Kafin ka ci gaba, ka kai filash ɗin da ka kwafe kayan a ciki wata kwamfuta ka buɗe takardu biyar ko shida ka tabbatar suna buɗuwa. Na taɓa ganin wanda ya kwafe folda, ya yi fomat, daga baya ya tarar gajerun hanyoyi ne kawai ya kwafa, ainihin takardun suna wani wuri da ya goge.

In kuma `dir` ya nuna babu `Windows.old`, mai yiwuwa an yi fomat ne. Ka kashe injin nan take, kar ka sake sa komai a kai. Fomat ɗin da mai sa Windows yake yi na gaggawa ne, jerin sunaye yake sharewa, ainihin bayanan suna kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Sabuwar Windows ɗin da ka fara sawa ta riga ta hau kan wani yanki, amma in had dis mai faifai ne kuma yana da girma, da yawa za su iya dawowa. A cire shi, a jona a wata kwamfuta, a bi shi da shirin tsamo fayilolin da aka goge, irin PhotoRec ko makamancinsa, a kuma ajiye abin da aka samo a wani dis dabam. In SSD ne, wato dis ɗin da ba shi da faifai, fata ta yi ƙasa sosai, domin shi yana share wuraren da aka ce masa babu kowa. Bara wata baiwar Allah ta kawo min laftof da aikin digirinta a ciki. Wuta ta yanke mata kamar yadda ta yanke maka, wani yaro a unguwarsu ya sa mata Windows har sau uku, kowane karo da fomat. Da a ce ta zo wajena tun ranar farko, aikin rabin awa ne. Abin da muka iya tsamowa bai kai rabi ba, shi ma babu sunaye, sai da ta zauna tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kayanka sun tsira, sai maganar ita Windows. Akwai dabarar da ake yawo da ita: a kan wannan saƙon kuskure a danna Shift da F10, a rubuta `regedit`, a je nan:

```
HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\Setup\Status\ChildCompletion
```

a mayar da lambar `setup.exe` daga 1 zuwa 3, a danna OK. Tana aiki sau da yawa, na sha yi. Amma ka san abin da ka yi: ka ce wa Windows an kammala matakin, alhali ba lallai an kammala ba. Wani lokaci ta hau lafiya, bayan mako biyu firinta ta fara gardama ko sabuntawa ta ƙi shiga, ka rasa daga ina. Ga injin da ake cin abinci da shi, ni ba na yi. Tunda kayanka suna hannu, ka sake sawa daga farko, wannan karon ka yi fomat ɗin ɓangaren Windows da zuciya ɗaya. Bai fi minti talatin zuwa awa ɗaya ba a yawancin injina.

In ana sawa ta riƙa tsayawa a wuri guda, ko ka ji had dis yana ƙas-ƙas, to dama can yana da ciwo, wutar ta tona shi ne kawai. A canza shi.

Wuri ɗaya ne yankewar wuta take kwantar da inji da gaske, shi ne lokacin sabunta BIOS. Wannan ɗan guntun shiri ne da ke cikin wani ƙaramin cif a kan madabod, shi ne ke tada injin tun kafin a zo ga Windows. In aka yanke ana tsakar rubuta shi, za ka kunna fanka ta juya, fuska baƙi ƙirin, ko tambarin kamfani ba za ka gani ba. Ko shi ma ba mutuwa ba ce. Laftof ɗin HP da yawa suna farfaɗowa in ka riƙe maɓallin Windows da B ka danna na kunnawa, na Dell kuma Ctrl da Esc yayin da kake jona caja. In duk sun ƙi, masu gyaran madabod suna sake rubuta cif ɗin da 'yar na'urar CH341A. Na kawo wannan ne saboda wasu injina suna karɓar sabuntawar BIOS ta cikin Windows Update, mutum ya ga fuska ta yi duhu ya zaci ta maƙale, ya danne maɓalli ya kashe da hannunsa. In ka ga rubutun BIOS ko firmware a fuska, ka ɗauke hannunka.

Sai dawowar wuta, wadda ni na fi tsoronta a kan tafiyarta. Takan dawo da ƙarfi, ko ta yi ta kai da komo sau uku cikin minti ɗaya, kuma abin da ke wahala shi ne akwatin wutar destof. Da an ɗauke, ka zare filogi daga soket, sai ta zauna ka mayar.

Gobe in za ka sake sawa, kar ka yi a kan wutar gari. Ka tada janareto da mai isasshe tun daga farko, ko ka ɗauki injin ka kai shagon maƙwabci mai sola da inbata, kuma kar a juya layi daga janareto zuwa wutar gari ana tsakar aiki, wannan ƙiftawar ta isa ta kashe destof. Ƙaramin yufiyes irin na shaguna, wato akwatin batirin da ke riƙe inji in an ɗauke wuta, mintuna kaɗan yake riƙewa, ya ishe ka tada janareto amma ba zai kai ka ƙarshen aikin ba, in ma batirinsa bai mutu ba. Ka gwada shi tukuna: kunna injin, zare filogin yufiyes daga bango, ka ga ko zai riƙe.

Ka fara da `dir` ɗin nan, ka ɗauki hoton abin da ya fito ka turo mana kafin ka taɓa wani abu.